Aikin da Na Ce Ba Zan Karɓa Ba

Shekara goma sha tara na yi a sashen kula da ma'aikata na wata masana'antar sabulu, kuma a shekara shida na ƙarshe ba a san ni da komai ba sai sallamar mutane. Ma'aikata sun laƙaba mini Almakashi. Ba a gaban idona suke faɗa ba, amma na sani, don bangon banɗaki ba ya ɓoye sirri.

Ba zan yi ƙarya in ce ban iya aikin ba. Na iya shi fiye da duk wanda na sani. Ba na sallamar mutum a ƙarshen mako, don kada ya kwana biyu yana juyi ba ofishin da zai je ya yi tambaya. Ba na sallama a tsaye, ba na sallama ta waya. Akwai wani ƙaramin ɗaki kusa da ofishina mai kujeru biyu iri ɗaya, da tebur, da kofin ruwa. Ina kiran mutum da sunansa, in zaunar da shi, in faɗa masa gaskiya a cikin minti na farko ba tare da kewaye-kewaye ba. Sannan in yi shiru in bar shi ya yi abin da zai yi. Wasu kuka, wasu zagi, wasu dariya. In ya natsu in karanta masa haƙƙoƙinsa layi-layi, in ba shi takardar shaidar aiki da na sa wa hannu, in raka shi har bakin ƙofa da ƙafata. Sau uku aka rage ma'aikata a masana'antar, sau ukun ni na yi.

A karo na biyu sunan ƙanena ya fito. Shi ne autanmu, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma har yau da ya haura arba'in Auta muke kiransa. Direban injin ɗaga kaya ne a sito. An yanke cewa waɗanda suka zo a baya su za su fara tafiya, shi kuwa shekara biyu kacal ya yi. Da na cire sunansa dole in sa na wani, kuma kowa zai san dalili. Ban cire ba. Na kira shi ɗakin nan, na zaunar da shi a kujerar, na tura masa kofin ruwan. Ya saurara har na gama, ya linke takardar ya sa a aljihu.

"Na gode, Manaja," in ji shi.

Tun yana rarrafe Yaya yake ce mini. Ni na goya shi, ni na koya masa ɗaura igiyar takalmi. Daga ranar nan ban sake jin Yaya daga bakinsa ba. Ba gaba muke yi ba. Yana gaishe ni, yana zuwa in wani abu ya faru. Amma ko a gidan Inna, mahaifiyarmu, in zai miƙo mini cokali sai ya ce, "Ga shi, Manaja." Ya samu aiki a wata masana'antar kwali bayan wata bakwai, ya ci gaba da tuƙa injinsa, sunan bai canza ba. Shekara huɗu ke nan, kuma abin yana ci mini rai kullum.

Da masu masana'antar suka yanke shawarar rufewa gaba ɗaya, ni na sallami kowa har mai gadin ƙofa. Takarda ta ƙarshe da na buga tawa ce. Ba wanda ya rage da zai zaunar da ni, sai na zauna a kujerar da kaina, na sha ruwan. An ce wanzami ba ya son jarfa. Ranar na san ma'anarsa.

Wata biyu ina zaune a gida ina goge abin da ba shi da ƙura, sai wani ya kira ni da hantsi. Ya ce shi ma'aikaci ne a wani kamfani da ke nemo wa manyan kamfanoni manyan ma'aikata. Na ce, "To, dillali ke nan." Ya yi dariya ya ce ya karɓi sunan. Tun daga nan ni da maigidana Dillali muke ce masa.

Na san irinsu, don na sha hulɗa da su daga ɗaya ɓangaren teburin. Kamfani ne ke ɗaukarsu ya ce a samo masa mutum kaza, kamfanin ne kuma ke biyansu, ba mai neman aiki ba. Saboda haka duk daɗin bakin dillali, ba kai yake yi wa aiki ba. Yana tace mutane, ya miƙa sunaye uku ko huɗu, kuma sau da yawa ba ya faɗa maka sunan kamfanin sai ka nuna kana so.

"An ba ni sunanki daga wurare biyu," in ji shi. "Kafin in kai ki ko'ina, ina so ki aiko mini da imel. Takardar tarihin aikinki, sannan ki rubuta mini irin aikin da za ki karɓa da wanda ba za ki karɓa ba. Matsayi, albashi, wa za ki riƙa kai wa rahoto, ko za ki iya ƙaura, yaushe za ki iya farawa. Ki faɗi gaskiya, don abin da kika rubuta shi zan sa a kundinki, da shi zan riƙa aiki. Ba na son in ɓata lokacinki ko nawa."

Kwana uku na yi a kan imel ɗin, a teburin cin abinci, da tsohuwar kwamfutar da harafin "k" ɗinta ke maƙalewa. Maigidana tsohon malamin lissafi ne da ya yi ritaya, ba ya iya ganin rubutu ya wuce bai duba ba. Ya tsaya a bayana da tabaransa a kan hanci yana karantawa. Ga abin da na rubuta:

"Na gode da kiran da ka yi mini. Na haɗa da takardar tarihin aikina.

"Aikin da nake so shi ne shugabancin sashen kula da ma'aikata a kamfanin da ke sarrafa kaya, mai ma'aikata ɗari biyu zuwa dubu, inda zan riƙa kai rahoto kai tsaye ga babban manaja. Na fi son inda ake ɗaukar mutane, ana horar da su, ana tsara musu hanyar ƙarin girma. Na saba zama da ƙungiyar ma'aikata, ba na tsoron teburin sulhu. Zan karɓi aikin dindindin ko kwantiragin da bai gaza shekara ɗaya ba. Albashin da bai yi ƙasa da na baya da fiye da kashi goma cikin ɗari ba ya ishe ni. Zan iya farawa nan take.

"Ba zan ƙaura ba, saboda mahaifiyata ta tsufa. Ba zan karɓi matsayin da zan zauna ƙarƙashin shugaban sashen kuɗi ba. Ba zan yi aiki inda aka hana ma'aikata ƙungiya ba.

"Na ƙarshe, kuma mafi muhimmanci: ba zan karɓi duk wani aiki da aka ɗauke ni domin rage ma'aikata ko rufe masana'anta ba, ko da me aka kira shi, gyaran tsari ko sake fasali. Na yi sau uku, na kuma rufe ƙofa a na huɗu. Ina roƙo kada a kai sunana ga irin wannan."

Maigidana ya sa yatsa a kan layin ƙarshe.

"Wannan fa? Kin san da shi aka san ki."

"Shi ya sa na rubuta."

"Mai sayar da kaya ba ya ɓoye wanda aka fi tambaya. Ki ce ba ki fi son sa ba, kada ki ce ba za ki yi ba. Ki bar ƙofa a buɗe ko kaɗan ne."

"Ƙofar da na bari a buɗe ce ta mayar da ni almakashi," na ce, murya ta fara hawa. "Kai ka taɓa zaunar da ƙanenka ka ce masa gobe kada ya zo?"

Ya cire tabaran ya goge da gefen riga. Ya san ba da dillali nake magana a layin nan ba, ni ma na sani. Ya ce kawai in gyara waƙafi ɗaya a sakin layi na biyu. Na gyara, na aika.

Sai na yi wani abu da har yanzu in na tuna nake jin kunya. Na buga imel ɗin a takarda na sa a jaka. Ranar da muka haɗu da Auta a gidan Inna, yana tsugune yana gyara mata ƙafar gado, na miƙa masa.

"Duba mini wannan."

"Ni kuma? Me na sani a kan takardun manya?"

"Karanta dai."

Ya goge hannu a wando ya karanta a hankali, leɓensa na motsi. Na ga lokacin da ya kai layin ƙarshe, don ya daɗe a wurin. Ya miƙo mini bai dube ni ba.

"Ya yi kyau," in ji shi. Bai ƙara Manaja ba. Bai ce Yaya ba, amma bai ce Manaja ba, kuma da zan tafi shi ya ɗaukar mini jaka har mota. Na koma gida ina jin kamar an sauke mini tulu daga ka.

Mako uku shiru. Sannan Dillali ya kira ya ce in zan iya leƙowa ofishinsu, akwai maganar da ta fi kyau a yi ido da ido.

Ofishin yana hawa na huɗu, da kafet mai ruwan toka da na'urar sanyi da ta yi yawa. Ya shigar da ni wani ƙaramin ɗaki: kujeru biyu, tebur, kofin ruwa. Na kusa yin dariya. Shi kansa mutum ne mai tsabta, da furfura kaɗan, da muryar da ba ta hawa ba ta sauka. Imel ɗina yana gabansa a buge, ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin sakin ƙarshe.

"Na karanta, kuma na girmama abin da kika rubuta," ya ce. "Na kai sunanki wurare biyu irin waɗanda kike so. Ɗaya sun ɗauki na cikin gida. Ɗayan sun duba tarihinki suka ce su gini suke yi, ba rushewa ba. Ki yi haƙuri, yadda suka faɗa nake faɗa miki."

"Ai gara haka."

"Yanzu akwai wani a hannuna. Bisa abin da kika rubuta bai kamata in kira ki ba ma. Amma na ga ya dace in tambaya sau ɗaya: wannan layin, dutse ne ko ana iya taɓa shi?"

"Wane irin aiki ne?"

"Kwantiragin wata shida. Masana'anta ce ta kayan ƙunshi, a nan unguwar masana'antu. Sun sayi sababbin injuna, za su haɗe layuka biyu, za su rage kusan rabin mutanensu. Ba su da wanda ya taɓa yi. Sun ce suna son wanda zai zauna da ƙungiya, ya tsara komai, a rabu ba rigima. Sunanki ne farkon da ya zo mini."

Masana'antun kayan ƙunshi uku ne a unguwar: biyu na leda, ɗaya ta kwali. Na san wannan kamar yadda na san yatsuna.

"Ba zan iya faɗa miki sunansu ba," ya ci gaba, "sai in kina so, kin kuma sa hannu a takardar riƙe sirri, don ma'aikatansu ba su sani ba tukuna. In kin sa hannu yau, jibi ki gana da su."

Takardar tana nan a gefen hannunsa, da biro a kanta. Tambaya ɗaya ce tsakanina da sani. Amma na yi tunani: in ta kwali ce fa? In na karɓa, zan sake zaunar da Auta a kujera. In na ƙi bayan na sa hannu, zan riƙa kallonsa a gidan Inna da maganar a bakina ba halin faɗa. Sai na ga rashin sani ya fi mini sauƙi. Na gaya wa kaina biyu cikin uku na leda ne, kamar lissafi zai cece ni.

"Dutse ne," na ce.

"In ba ke ba, wani zan kai musu. Aikin ba zai fasu ba don kin ƙi."

"Na sani. Amma ba da hannuna ba."

Ya gyaɗa kai, ya rubuta wani abu a gefen takardar.

"Shi ke nan. Ba zan sake damunki da irinsa ba. Sai dai zan faɗa miki gaskiya: a wannan shekarar, cikin kira goma da nake samu a fanninki, bakwai irin wannan ne."

Na sauko ta matakala don kada in tsaya jiran lif da shi. Ina alfahari da kaina, ba zan ɓoye ba. Na gaya wa maigidana an ba ni aikin yanka na ƙi, ban gaya masa kayan ƙunshi ba ne. Auta kuwa ban ce masa komai ba. Me zan ce? Zato ne kawai, kuma in na tayar masa da hankali a banza fa? Haka na riƙa lallashin kaina har wata biyu da rabi.

A cikin wannan lokacin Dillali ya aiko saƙo sau ɗaya: babu sabon abu tukuna, yana sane da ni. Na koyi sunayen tsuntsayen da ke sauka a kan tankin ruwa. Na fara faɗa da maigidana a kan inda yake ajiye jarida. Gida ya yi mini faɗi, rana ta yi tsawo.

Wata ranar Juma'a da la'asar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ina buɗewa na ga Auta da rigar aikinsa mai ɗigon launin ruwan lemo a kafaɗa, da hular kwano a hannu. Ba a tashi daga aiki a wannan lokacin.

"Yaya," ya ce, "zan iya shigowa?"

Shekara huɗu ina jiran kalmar nan, ta zo a ranar da ba zan iya murna da ita ba. Na matsa ya shige. Ya zauna a teburin cin abinci, a kujerar da na rubuta imel ɗin. Na kawo masa ruwa, hannuna ya yi hakan da kansa.

Ya miƙo mini wayarsa. Saƙo ne layi uku: kamfani na sanar da shi an kawo ƙarshen aikinsa daga yau, za a biya shi madadin wa'adin sanarwa, ya duba asusunsa cikin mako biyu. Ba suna a kai, sai lambar ma'aikaci.

"Da safe muka tarar da ƙofa a kulle," in ji shi. "An kawo wasu masu gadi da ba mu sani ba, da karnuka biyu. An manna takardu a bango. In lambarka tana jiki, ka tsaya a waje. In babu, ka nuna kati ka shiga. Mu ɗari da arba'in ne a waje."

"Ƙungiya fa?"

"An kira shugabanninta jiya da yamma an karanta musu takarda, an ce an yi shawara ke nan. Wani suka kawo daga waje, ɗan kwantiragi. Ko fuskarsa ba mu gani ba. An ce yana sama yana kallo ta taga."

Ya juya kofin a kan tebur bai sha ba.

"Kin san tsohon nan mai injin yanka? Na taɓa ba ki labarinsa, wanda yatsunsa biyu suka tafi a aiki. Shekara ashirin da shida. Idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu. Ya yi ta bin bango yana laluben lamba, a ƙarshe wani mai gadi ne ya karɓi katinsa ya duba masa, ya ce, 'Lambarka tana jiki, baba, matsa baya.' Takalminsa na gida da butar shayinsa suna cikin akwatinsa a ciki. An ce za a fito da kayan kowa a buhu ranar Litinin."

Ranar Juma'a, a tsaye, a bango. Duk abin da ba na yi, an yi shi a safiya ɗaya.

"Na zo ne ki duba mini ko abin da suka yi yana kan doka," ya ce. "Kuma na zo in faɗa miki wani abu. Yau ina tsaye a rana sai na tuna ɗakin nan naki. Kujera, ruwa, kin kira sunana, kin karanta mini komai, kin raka ni ƙofa. Na riƙe ki a zuciya shekara huɗu, ina cewa wace irin yaya ce wannan. Yau na ga yadda ake yi in ba ke ba. Ki yafe mini, Yaya."

Da na yi shiru, da na samu abin da nake nema. Ya kawo mini shi har gida, ya ajiye a gabana. Ba abin da ake bukata daga gare ni sai in ce ba komai, in ɗauki wayar in fara duba doka. Amma bakina bai taɓa iya riƙe abu mai zafi ba, kuma ba zan iya zama Yaya a kan ƙarya ba.

"Ni aka fara ba wa aikin," na ce.

Ya ɗago kai.

"Wane aiki?"

"Wannan. Dillalin ya kira ni wata biyu da rabi da suka wuce. Ya ce masana'antar kayan ƙunshi, za a rage rabi. Bai faɗi suna ba, ban kuma tambaya ba. Na ce ba zan yi ba, kamar yadda na rubuta. Ka gani da idonka."

"Ba ki san tamu ba ce?"

"Ban sani ba." Na tsaya. "Na yi zato. Ban so in sani ba."

Ya daɗe yana kallon hular kwanon da ke kan cinyarsa. Maigidana ya leƙo daga ɗaki, ya ga fuskokinmu, ya koma.

"Da kin karɓa," in ji Auta a hankali, "da kin cire sunana?"

"A'a."

"Na sani. Ban ma yi tsammani ba." Ya yi wani ɗan murmushi marar daɗi. "Amma da tsohon nan ya zauna a kujera. Da an ba mu wata guda muna sani, mutum ya fara neman wani wuri. Da kin yi faɗa da su a kan 'yan shekara ashirin, na san halinki. Mu ɗari da arba'in."

"Saboda kai na rubuta layin nan."

"Saboda ni?" Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. "Ni ban roƙe ki ba. Kin kawo mini takarda na ce ta yi kyau, me zan ce? Kin wanke hannunki dai. Hannu ya fita tas. Mu kuma aka bar mu da mai karnuka."

Baƙin ciki ya cika ni, irin wanda ba ya fita da kuka.

Na ɗauki wayar na karanta saƙon sau biyu, don in samu abin yi. Na gaya masa gaskiya: sun biya madadin sanarwa, sun kira ƙungiya ko da na minti goma ne, za a iya ƙalubalantar yadda aka yi shawarar amma zai ɗauki lokaci, kuma ba lallai a ci ba. Doka ba ta ce a ba mutum kujera ba. Na rubuta masa abubuwa biyar da zai nema a rubuce ranar Litinin, na farko takardar shaidar aiki, na ce ya gaya wa sauran su ma su nema. Na ce ya kawo tsohon in duba masa nasa.

Ya karɓi takardar ya linke ta gida huɗu, ya sa a aljihun rigar, daidai yadda ya yi shekara huɗu da suka wuce. Ya miƙe. Na bi shi zan raka shi.

"Bari," ya ce. "Na san hanya."

A bakin ƙofa ya tsaya kamar zai ƙara wani abu. Na jira in ji da wanne zai kira ni, ko da Manaja ne zan karɓa. Ya ce, "Sai an jima," ya ja ƙofar.

Ranar Litinin da safe na buɗe kwamfutar na nemo imel ɗin. Na rubuta wa Dillali cewa ina so ya cire sakin layi na ƙarshe daga kundina, in irin aikin ya sake zuwa ya kira ni. Harafin "k" ya maƙale sau uku kafin in gama. Ya amsa kafin azahar, cikin ladabi kamar kullum: ya gyara, kuma akwai wata masana'antar fenti da za ta rufe reshe a wata mai zuwa, mutum tamanin, ko zan iya zuwa jibi in sa hannu.

Na ce zan zo. Sannan na tashi na ɗauke kofin da Auta bai sha ba, wanda na hana kowa taɓawa tun ranar Juma'a, na zubar da ruwan na wanke shi.